Layi ɗaya ya isa a ƙarshen rahoto?

Laminu: Malaminmu ya yarda mu yi amfani da AI a rahoton sitaj, da sharaɗin mu faɗa a ƙarshe. Ni na ce layi ɗaya ya isa: "Na yi amfani da ChatGPT wajen wannan aiki." Ƙarin bayani tona wa kai asiri ne.

Rabi: Ina bayanka. Yawan magana ke jawo tambaya ranar kare aiki.

Malam Isuhu: Laminu, ni da nake gyara takardu in gaya maka abin da layin nan ke sa ni. Da na karanta shi, ban san ko waƙafi ya gyara maka ba, ko shi ya rubuta sakamakon duka. Tunda ban sani ba, zuciyata mafi muni take ɗauka. Me ka yi da shi takamaimai?

Laminu: Malam, rahoton kan ajiyar wake ne, buhun PICS mai ruɓi uku da buhun kasuwa, wajen manoman Jiratawa. Ni na ƙirga ƙwayoyin da ƙwari suka huda. ChatGPT ya gyara mini Faransancin gabatarwa da kammalawa, ya kuma ba ni layukan manhajar lissafi ta R na ANOVA, gwajin kwatanta matsakaita. DeepL ya fassara mini taƙaitawar maƙaloli biyu na Ingilishi.

Malam Isuhu: To ai ka gama rubutawa. Sa shi haka, ka mayar Faransanci:

"Bisa izinin malamin darasi, na yi amfani da ChatGPT wajen gyara nahawun sashe na 1 da na 5, da samun daftarin lambar R na ANOVA a sashe na 3. Na gudanar da lambar da kaina, na gwada matsakaitan da ta fitar da lissafin hannu. Na yi amfani da DeepL wajen fassara taƙaitawar maƙaloli biyu, na kuma buɗe asalinsu. Tattara alƙaluma, bayanin ma'anar sakamako da jerin madogara aikina ne, alhakin duk kuskure yana kaina."

Ka ƙara watan da ka yi amfani da su da samfurin da ya bayyana a allonka, don ana sauya su a kai a kai. Amma kar ka rubuta "na buɗe asalinsu" in ba ka buɗe ba. Nan ake kama ɗalibi: ChatGPT na iya ƙago maƙala da sunan marubuci da shekara, a nema a rasa.

Sani: Ni fa ban ga dalilin da ɗan jami'a zai bar na'ura ta yi masa tunani ba. A hana kawai.

Rabi: Sani, an riga an ba da izini, kan yadda za a rubuta ake. Malam, ni tsorona daban. Wata ƙawata ta faɗi gaskiya dalla-dalla, aka rage mata maki, wanda ya yi shiru ya wuce lafiya.

Malam Isuhu: Hakan na faruwa, ba zan musa ba, kuma yana ci mini rai. Shi ya sa jimlar farko ke jingina da izinin. Ki ajiye saƙon da malami ya ba da izinin, ki ajiye hirarki da manhajar, da daftarinki na kafin gyara. In aka zarge ki, su za ki nuna.

Hadiza: Ai ko ka ɓoye, akwai manhajar da ke gano rubutun AI, don haka faɗi ya zama dole.

Malam Isuhu: Faɗi dole ne, Hadiza, amma ba don ita ba. OpenAI mai ChatGPT da kanta ta janye tata manhajar ganowar a Yulin 2023 saboda yawan kuskure. Ni tambaya nake yi: me ya sa ka zaɓi ANOVA? Wanda ya yi aikinsa zai amsa.

Hadiza: To in sa bayanin cikin godiya, kusa da iyayena?

Malam Isuhu: A'a, ba shi nasa kan magana bayan kammalawa, kafin madogara. ChatGPT ba marubuci ba ne, ba ya ɗaukar alhaki. Laminu, ka zuba masa teburinka da sunayen manoman?

Laminu: Lambobi na sa musu, Malam.

Malam Isuhu: Madalla, rubuta wannan ma.

Rabi: To jan layin da Word ke yi ƙarƙashin kuskure fa? Shi ma gyara ne.

Malam Isuhu: Ni ba na neman a faɗi wannan, kalma yake nunawa ke ki zaɓa. In ya sake gina jimla, a faɗa. Wani abokin aikina yana son a faɗi duka.

Laminu: Zan sa dogon, amma maganar R na nan tana damuna. Malaminmu gyaran harshe ya ambata, bai ce komai kan lamba ba.

Malam Isuhu: To tambaye shi a rubuce kafin ka kai bugu.