Neman shawara: katun ɗin Gizo da Ƙoƙi a waya, aikin ya ƙi tafiya

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a. Ina son in mai da wata tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi katun na minti biyu saboda yaran gidanmu. Ba ni da kwamfuta, wayata Tecno ce mai RAM 2GB, da FlipaClip na kyauta nake zane, da yatsa. Na saita shi a 24 fps, wato firem 24 a kowace daƙiƙa, yanzu ina da firem 240, amma da na kunna sai na ga daƙiƙa goma kacal. Ga shi wayar ta fara tsayawa tana fitar da ni, kuma bakin Gizo ba ya tafiya da magana. Mene ne mafita?

Nura Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, RAM ɗinka ne ya yi kaɗan, ba wani abu ba. Shiga Settings, ka nemo FlipaClip a jerin manhajoji, ka danna Clear data, za ka ga ta saki jiki. 24 ɗin kuma kar ka taɓa shi, da shi ake yin finafinai, in ka rage motsin zai riƙa tsalle-tsalle.

Malam Habibu: Auwalu, don Allah kar ka danna Clear data. Zanen da ka yi a cikin manhajar yake ajiye, wannan maɓallin zai iya tafiya da shi gaba ɗaya. Clear cache shi ne wanda ba ya cutarwa. Kafin ma ka taɓa komai, ka fitar da abin da ka zana a matsayin MP4 ka tura wa kanka a wani wuri. Nura ya yi gaskiya cewa RAM yana cikin matsalar, amma maganinta ba share-share ba ne, rage wa wayar kaya ne.

Mu yi lissafi tukuna. Minti biyu daƙiƙa 120 ne. A 24 fps kana buƙatar firem 2,880, a 12 fps kuwa 1,440. Gaskiya ne fim yana gudu a 24, amma masu katun na hannu tun da can sukan bar zane ɗaya ya zauna firem biyu, ka ga zane 12 ke nan a daƙiƙa, kuma ido yana karɓar sa a matsayin motsi. Saboda haka sabon aikin da za ka buɗe, sa shi a 12. Girman shafi kuma ka zaɓi 720p. Yara a waya za su kalla, ba za su ga bambanci da 1080p ba, amma wayarka za ta ji bambancin sosai.

Ko 1,440 ɗin ma ba zana su za ka yi ɗaya bayan ɗaya ba. Ka zauna da takarda ka yayyanka labarin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa daƙiƙa huɗu zuwa takwas: Gizo yana magana, Ƙoƙi tana amsawa, an nuno gona, an nuno tukunya a kan murhu. Minti biyu zai ba ka kamar gunduwa ashirin. Kowacce ka buɗe mata aikinta daban a FlipaClip, ka fitar da ita, daga baya ka jera su a manhajar haɗa bidiyo ta CapCut. Ta haka wayar ba za ta taɓa riƙe firem sama da ɗari a lokaci guda ba, kuma in ɗaya ta lalace sauran suna nan.

Auwalu: Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Na fitar na ajiye. To maganar baki fa? Ita ce ta fi damuna. Na gama zanen sannan na ɗora murya, sai ya zama Gizo ya yi shiru bakinsa yana ta motsi.

Malam Habibu: Murya ake fara ɗauka, zane ya biyo ta. Bari in ɗauki gunduwa ɗaya mu bi ta tare. A ce Gizo zai ce, "Ƙoƙi, ba ni da lafiya, yau ba zan je gona ba." In ka faɗe shi da marairaicewa irin ta Gizo zai ci kamar daƙiƙa biyar, firem 60 ke nan a 12 fps.

Buɗe sabon aiki, ka shiga wurin sauti ka ɗauki muryar a nan kafin ka ja layi ko ɗaya. Daga nan ka raba zanen a leya uku: ɗaki ko gona a ƙasa, jikin Gizo da kansa ba baki a tsakiya, baki shi kaɗai a sama. Jikin sau ɗaya za ka zana shi. Ka kwafi firem ɗin har ya cika 60, abin da zai riƙa canzawa leyar baki ce kawai.

Baki huɗu sun ishe ka: rufaffe, buɗe kaɗan, buɗe sosai, da mai zagaye. Mai zagayen na "o" da "u" ne, kamar farkon "Ƙoƙi" da "gona". Buɗe sosai na "a" ne. Wanda ya fi kowanne muhimmanci shi ne rufaffen, domin duk inda "b" ko "m" ko "f" suka faɗo leɓe haɗuwa yake yi. A jimlar nan akwai "ba" har sau uku, ga "f" a cikin "lafiya". Ka ja muryar a hankali ka nemo firem ɗin da kowannensu ya faɗo, ka rubuta lambarsa a takarda, ka fara sa rufaffen baki a waɗannan wuraren. In waɗannan huɗun suka zauna daidai, mai kallo zai yarda Gizo ne ke magana ko da sauran ba su cika ba. Tsakaninsu sai ka cike da ragowar bakunan, kowane baki ya zauna firem biyu. In ka riƙa canza shi kowane firem zai yi ta karkarwa. Wurin numfashi bayan "lafiya" kuma ka rufe bakin ka bar shi.

In ka kunna ka ga kamar bakin yana makara, matsar da shi firem ɗaya gaba da sautin. Mutum yakan shirya bakinsa kafin harafin ya fito, shi ya sa hakan ya fi kwanciya a ido. Ka ƙara ƙiftawar ido sau ɗaya, firem uku, a buɗe rabi, a rufe, a buɗe rabi, don kar ya tsaya ƙiƙam. Ka ƙirga ka gani: jiki ɗaya, baki huɗu, ido biyu, bango ɗaya. Zane takwas sun ba ka daƙiƙa biyar.

Maman Ilham: Ƙanena me zai sa ka wahalar da kanka? Akwai TweenCraft, mutanen a shirye suke, ka zaɓa, ka yi magana, bakinsu ya motsa da kansa. Ni da shi nake yin 'yan gajerun darussan tsafta, a zama ɗaya nake gamawa.

Auwalu: Na gwada shi Anti, yana da sauƙi kam. Sai dai ban samu Gizo a ciki ba, kuma suturar mutanen da gidajensu ba irin namu ba ne. So nake yaran su ga rumbu da zaure da Ƙoƙi da ɗaurin ƙirji.

Maman Ilham: Haka ne, wannan ita ce damuwata da shi ni ma. Na ɗauka sauri kake nema. To in ka zana rumbun ka taimaka mana da shi.

Sadiya Mai Zane: Malam Habibu ya gama magana kan baki, ni tafiya zan taɓa, don a nan na ga mutane da yawa suna ajiye aiki. Gizo ƙafa takwas gare shi, in ka ce kowacce sai ta taka, ba za ka gama bana ba. Sa masa riga 'yar shara mai tsawo ta rufe jikin, ka bar hannu biyu a waje da ƙananan ƙafafu suna leƙowa ta ƙasa. Ko ka sa shi ya ratsa ta cikin dawa, ganye ya rufe shi zuwa ƙugu. Sai ka zana firem huɗu kawai, jiki ya ɗan hau ya ɗan sauka, ka kunna Onion don ka riƙa ganin inuwar zanen baya kana daidaitawa.

Bangon wannan ka cike shi da kore tsantsa, ka fitar. A CapCut ka sa hoton gona a ƙasa, ka ɗora Gizo ta Overlay, ka cire koren da Chroma key. Ka maimaita guntun har ya kai tsawon da kake so, sannan ka sa alamar motsi, wannan mai kama da lu'ulu'u, ɗaya a farko yana gefen hagu, ɗaya a ƙarshe ka ja shi dama. Manhajar ce za ta tafiyar da shi. Abu biyu za ka kiyaye: kar kore ya shiga jikinsa ko rigarsa, in ba haka ba wurin zai huje, kuma ka zagaye shi da baƙin layi mai kauri don kar koren ya maƙale a gefe. In dawa za ta rufe shi, ita sai ka ba ta bango shuɗi, tunda ganyenta kore ne.

Nura Ɗan Fagge: Na ji batun Clear data, na janye. Amma ni har yanzu ina ganin gudu da faɗa ba sa kyau a 12. Sannan tambarin FlipaClip da ke fitowa a kusurwa fa? A Telegram akwai FlipaClip ta bayan fage wadda aka buɗe, ba tambari ba talla.

Malam Habibu: Kan gudu kana da hujja, Nura. Motsi mai sauri yakan so ƙarin zane, kuma tunda gunduwa-gunduwa ne, zai iya yin ta gudun kaɗai a 24, CapCut zai haɗa su ba matsala. Wannan ma ya amsa batun firem 240 ɗinsa: Auwalu, kar ka canza musu fps, in ka mai da su 12 motsin zai ja ya koma daƙiƙa ashirin. Bar su yadda suke. Wadda aka buɗe kuwa ban ba da shawara ba. Ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, a wayar da manhajar bankinka take, kuma sau da yawa sai ka cire ta asali kafin ta hau, aikinka ya bi ta. Tambari a kusurwa ba zai hana yaro kallon Gizo ba.

Sadiya Mai Zane: Ni dai tambarin yana damuna, musamman a guntun da za a ɗora kan wani. Nakan bar wannan kusurwar ba zane, sai in yanke ta wajen haɗawa. Kuma Auwalu, yatsa yana rufe maka layi. Ka zuƙo hoton sosai kafin ka zana baki. Kar ka yi aiki waya tana caji, zafi yana rage mata gudu, a nan ne take yawan fitar da mutum.

Bashir Maraɗi: Ni tawa Itel ce, zanen ma ba ta ɗauka. Da kwali nake yi: in yanka mutum, hannu daban kai daban, in kwantar a tabarma, in ɗaure wayar a bakin teburi tana kallon ƙasa, in riƙa ɗauka da Stop Motion Studio ina matsarwa kaɗan-kaɗan. Matsalata haske. Da rana nake yi, sai bidiyon ya riƙa haske yana duhu. Akwai mai dabara?

Sadiya Mai Zane: Rana ce ke tafiya, gajimare kuma yana wucewa. Rufe taga ka yi da fitila mai caji guda ɗaya, a kafe wuri ɗaya, cike da caji don kar ta dushe a tsakiyar aiki. Ka kulle hasken kyamarar kar ta riƙa gyara kanta, kuma ka kula da inuwarka lokacin dannawa.

Auwalu: Na yi gunduwar "ba ni da lafiya" yadda Malam ya ce, bakin ya zauna, wayar ma ba ta tsaya ba. Sabuwar matsala: murya ta a wannan gunduwar ta fi ta baya ƙara, ga kukan janareton maƙwabta ya shiga. In sake ɗaukar duka a dare ɗaya ne, ko a gyara a CapCut?

Malam Habibu: Ƙarar ana daidaita ta a CapCut, kowace gunduwa da ma'auninta. Janareto kuwa ya riga ya shiga cikin muryar, cire shi yakan ɓata ta. Sauran gunduwoyin da ba ka zana ba, ka buɗe su duka ka ɗauki muryoyinsu a zama ɗaya bayan an kashe injin, cikin ɗaki mai katifa da labule, waya tana kamar taƙi ɗaya daga bakinka. Wadda ka riga ka zana kuma ka saurari tsohuwar ta abin kunne kana maimaitawa da irin saurinta, ka ɗauka da wayar wani, sai ka musanya wajen haɗawa. Wa zai yi maka muryar Ƙoƙi?