Suna uku a takarda uku: in miƙa fom ɗin ko in tsaya gyara?

Ɗan Achida: Assalamu alaikum jama'a. Ina sana'ar albasa, kuma akwai mai saye daga Legas da zai turo mini naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu mako mai zuwa. Asusun da nike da shi ƙarami ne, ba ya ɗaukar haka, shi ya sa na karɓo fom a wani banki a Kano Road. Da na baje takarduna sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. A takardar NIN sunana Usman Bello. A BVN Shehu Bello Achida, don da shi kowa ya san ni. A fom kuma ƙanena ya rubuta mini Usman Bello Achida. Adireshin NIN na gidanmu ne na ƙauye, ni kuma yanzu haya nike a Mabera, takardar wuta da sunan mai gida take. In miƙa haka nan, ko in tsaya gyara? In gyaran ne, wanne za a fara taɓawa?

Bashar Mai POS: Wa alaikumus salam. Ka zo in buɗe maka a waya, minti biyar ka samu lambar akawun. Babu fom babu layi.

Ɗan Achida: Malam Bashar, irinshi nike da shi. Dubu ɗari uku ne iyakarshi.

Hajiya Inno: Shehu da Usman ai suna guda ne, ko yaro a Sakkwato ya san haka. Ka je ka yi musu bayani, ma'aikatan ai 'yan gida ne.

Kabiru Arkilla: Hajiya, ma'aikaci ya sani, na'ura ce ba ta sani ba. Na zauna teburin buɗe asusu kafin in koma kasuwa, bari in faɗi yadda abin yake. Idan ka miƙa fom, ma'aikaci zai buga lambar BVN ɗinka, suna da ranar haihuwa da hoto su fito. Ya buga NIN, su ma su fito. Sai ya jera su da abin da ke kan fom, gida-gida: Surname da Surname, First Name da First Name. A naka, sunan farko Usman ne a wuri ɗaya, Shehu a ɗayan. Wannan ba kuskuren harafi ba ne irin Usman da Usmanu, a wurin banki mutum biyu ne sai an kawo shaida. Ko ma'aikacin reshe ya tausaya ya wuce da shi, akwai masu dubawa a bayansa da ba su taɓa ganinka ba, su za su maido da shi ko su buɗe su hana cire kuɗi.

Shawarata, ka bar NIN yadda yake tunda Usman ne sunanka na yanka, ka gyara BVN ya bi shi. A banki ake gyaran BVN. Za su ba ka fom ɗin gyara, su nemi takardar NIN da takardar rantsuwa ta kotu mai cewa Shehu Bello Achida da Usman Bello mutum ɗaya ne. Tunda suna ne sukutum zai canza, akasari sai sun nemi sanarwar jarida. Sannan ka karɓi sabon fom ka rubuta Usman Bello kawai. Achida ɗin nan da ƙanenka ya ƙara babu shi a NIN, to kada ya shiga fom. Kada kuma ka goge da farin fenti, ba su karɓar fom mai gogewa.

Alhaji Ɗangaladima: Ɗan Achida, ka saurare ni da kyau, don ni abin ga ya ci ni. Sunana Abubakar, amma Garba anka sa mini a BVN tun lokacin da anka fara yin shi a 2014, yaron da ya cika mini bai tambaye ni ba. Da na buɗe sabon asusu yarinyar da ke teburin tac ce ba komi Baba, za mu daidaita daga baya. Sunka ba ni lamba, na raba ma mutane. Kuɗɗin shanu biyu sunka shiga, ana saura kwanaki kaɗan bikin ɗiyata. Na je cirewa anka ce asusun a kulle yake, kuɗɗi na shiga ba su fita. Yarinyar kuma an canza mata reshe. Wanda na iske yac ce bai san zancen ba, in kawo rantsuwar kotu. Na kawo, sai anka ce ranar haihuwa ma ba ta yi daidai ba, NIN 1 ga Janairu, BVN watan Yuni. Mi ya hana su faɗi tun farko? Kayan ɗaki da bashi na yi su, ni da kuɗɗina kwance a banki. Surukaina har yau suna ganin ƙarya na yi.

Hajiya Inno: Innalillahi. Allah ya saka maka Alhaji. Bikin dai an yi lafiya?

Alhaji Ɗangaladima: An yi, Hajiya, amma da kunya. Kuma ba a buɗe ba sai bayan an kai amarya. Duk wanda yac ce maka "za mu daidaita daga baya", ka ce ya rubuta ya sa hannu, ka ga in zai yarda.

Nura Gidan Dare: Ni kuwa Shehu sunan ya fi daɗi. A bar BVN, a gyara NIN.

Malama Saratu: Alhaji ya taɓo abin da Malam Kabiru ya tsallake. Ɗan Achida bai faɗi ranar haihuwa ba. Ka duba ta kafin ka biya ko sisi, don gyaranta a NIN shi ne mai tsada, sama da dubu ashirin da takwas ne. Gyaran suna kuwa 1,522 na biya a shafin hukumar NIN na intanet lokacin da na gyara na ƙanwata.

Bashar Mai POS: Malama wannan tsohon farashi ne, dubu biyu ne yanzu.

Nura Gidan Dare: Ni dubu bakwai na ba mai kafe a kan harafi ɗaya. Harafin h a ƙarshen Abdullah.

Malama Saratu: To kai kuɗin mai kafe ka biya, ba kuɗin gyara ba.

Alhaji Ɗangaladima: Rantsuwar kotu dubu biyar yaron da ke tsaye bakin ƙofa yac ce, na biya.

Malama Saratu: Alhaji da ka shiga ciki wurin rajistara da kanka bai kai rabin haka ba. Na bakin ƙofa su ma abincinsu suke nema.

Ɗan Achida: Na duba, ranar haihuwa ɗaya ce a duka biyun, alhamdulillahi. Amma ga wani abu. Lambar da ƙanena ya kwafa a gurbin NIN tana da haruffa a ciki, kuma gidajen fom ɗin ba su ishe ta ba, ya ƙarasa a gefe.

Kabiru Arkilla: To ya kwafi Tracking ID ke nan, ba NIN ba. Duka biyun suna kan takardar, kuma mutane da yawa suna faɗawa nan. NIN lamba goma sha ɗaya ce zalla, babu harafi ko ɗaya. BVN ma goma sha ɗaya ce, shi ya sa wasu ke musanya su a fom. Lambar asusu ita ce goma. Duk lokacin da lamba ta fi gidajen da aka tanada ko ta bar gida babu komai, tsaya, ba ita ba ce. In kana shakka ka danna `*346#` a layin da ka yi rajistar NIN da shi, BVN kuma `*565*0#` a layin da ke kanta. Bayan ka rubuta, ka ba wani ya karanta maka daga takarda kai kana bin fom da yatsa. Mai rubutu ba ya ganin kuskurensa, musamman 1 da 7 a rubutun hannu.

Sani Lauya: Ban yarda da Kabiru a kan wanda za a fara gyarawa ba. Ɗan Achida, wane suna ke kan katin zaɓenka da rasit ɗin shagonka? In duk harkarka da Shehu Achida take, kuma masu turo kuɗi shi suka saba gani, NIN ɗin ya kamata ka gyara. In mai saye ya buga lamba ya ga Usman Bello, zai ce ba kai ba ne.

Kabiru Arkilla: Sai ya kira shi ya gaya masa, Barista. Gyaran BVN banki ɗaya ne ka san teburin da za ka koma. Kuma bankin ma NIN zai duba kafin ya taɓa komai.

Bashar Mai POS: Barista na gaske ne ko na bakin kotu?

Sani Lauya: Kai da ka ce minti biyar ba ka karanta tambayar ba, kai za ka tantance ni? Shi ma Kabiru yaushe rabonsa da banki? Dokar da ta ce babban asusu sai da BVN da NIN duka biyu a ƙarshen 2023 Babban Banki ya fitar da ita.

Kabiru Arkilla: Ina nan lokacin, ni na sha zagin mutane a kanta.

Ɗan Achida: Don Allah maganar adireshi fa? Ba wanda ya taɓa ta.

Kabiru Arkilla: Adireshin fom da takardar wuta ake gwada shi, ba da na NIN ba, a inda na yi aiki dai haka ne. Sunan mai gida a takardar ba ya hana komai, wurin ake so a tabbatar, amma kada ta wuce wata uku, wasu kuma sukan ƙara neman rasit ɗin haya. Ka kwafi adireshin yadda yake a takardar, sannan a layin kwatance ka sa abin da mai babur zai gane, kamar masallaci ko makaranta. Za a turo mutum ya zo ya gani. Nan ne naka zai iya cije maka: in ya tambayi Usman Bello, maƙwabta za su ce babu mai wannan suna, don Shehu suka sani. Ka gaya wa mai shagon ƙofar gida da mutanen gidan tun yanzu.

Hajiya Inno: Mu a Runjin Sambo takardar wutarmu har yau sunan marigayi kakan yara ke kanta, kuma lambar gidan da ke jiki ba ta gidanmu ba ce. Lambar ma'aikatan allurar rigakafi ce kawai a bangonmu, da alli.

Nura Gidan Dare: Ku kuna ma samun takarda. Mu wutar ba ta zuwa, takardar ce ke zuwa a kan lokaci.

Alhaji Ɗangaladima: Watan jiya dubu goma sha takwas sunka rubuto mini, gidan da fanka biyu da firji guda. Na nemi mita tun bara.

Malama Saratu: In ka samu mitar ma, rasit ɗin sayen wuta na waya wasu bankunan ba su karɓa sai adireshi ya fito a jiki.

Ɗan Achida: To in jaridar ba ta fito ba kafin Talata, in ce wa mai sayen albasar ya turo kuɗin ta asusun ƙanena?

Sani Lauya: Wane ƙanen? Wanda ya kwafi Tracking ID?

Alhaji Ɗangaladima: Wa ya san inda ake samun mita ba tare da an bi ta hannun yaran nan ba?