Neman kalmar Hausa: me za mu kira daidaiton uwa da 'ya a darasin rushewar nukiliya?

Malamin fiziks, Katsina:
Assalamu alaikum. Ina rubuta wa ɗalibaina bayanin rushewar nukiliya da Hausa. Uwa da 'ya, wato ƙwayar zarra da ke rushewa da wadda take haifarwa, sun zauna daram, "rabin rai" ma, wato lokacin da rabin ƙwayoyin ke ɗauka kafin su rushe, ya karɓu, aktibiti kuwa, wato yawan ƙwayoyin da ke rushewa a daƙiƙa ɗaya, na bar shi yadda muke faɗinsa a aji. Inda na cije shi ne daidaiton nan iri biyu da Bature ke kira sekula ikwilibiriyom da tiransiyent ikwilibiriyom. Na rubuta "daidaito mai ɗorewa" da "daidaito na wucin gadi", amma na biyun bai kwanta mini ba. Masana, a taimaka.

Wani ɗan'uwa daga Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai sekula da na sani ita ce wadda 'yan siyasa ke faɗa, wato abin da ba ruwansa da addini. To ina ruwan ƙwayar zarra da wannan? Ko a ce "daidaiton duniya"?

Baba, tsohon malamin jami'a, Daura:
Ɗana, ba waccan ba ce, ko da yake tushensu ɗaya. Kalmar daga Latin ta fito, tana nufin zamani mai tsawo, kamar ƙarni. Masana taurari ma haka suke amfani da ita ga abin da ke sauyawa a hankali ƙwarai.

Malam, kafin a raɗa suna a fara duban abin da kansa. Ɗauki radiyom-226. Rabin ransa shekara 1600 ne, yana haifar radon-222 mai rabin rai kwana 3.8. Idan ka rufe radiyom a inda iskar radon ba za ta tsere ba, radon zai yi ta taruwa, yana kuma rushewa. Bayan kwana 3.8 aktibitinsa ya kai rabin na uwar, bayan kwana 7.6 ya kai kashi 75 cikin ɗari, zuwa wajen kwana 27 ya haura kashi 99. Daga nan sai ya tsaya, don duk abin da aka haifa a daƙiƙa ɗaya shi ne ke rushewa a daƙiƙar. Ita kuwa uwar, ko jikokinka ba za su ga ta rage wani abin a zo a gani ba. "Mai ɗorewa" bai yi laifi ba a nan.

Ɗaliba mai digiri na biyu, Katsina:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan kwana 27 ɗin shi ya ci wata abokiyar karatuna. Ta ɗebo ƙasa daga gonaki, ta shanya, ta daka, ta zuba a robobi, ta ajiye mako huɗu kamar yadda aka ce. Sai dai murfin wasu robobin bai kama da kyau ba, ba ta kuma naɗe bakinsu da salatif ba. Da aka kai awo, radiyom ɗin waɗannan robobin ya fito ƙasa da na sauran, alhali gona ɗaya ce. Ni abin da na fahimta, tunda an ce daidaito, yawan ƙwayoyin uwa da na 'ya ne ke zama ɗaya, yoyon ya rage na 'yar.

Baba:
'Yata, kin kama rabi. Dalilin da kika kawo daidai ne. Na'urar ba radiyom take gani kai tsaye ba, tana ƙirga hasken gama na zuriyar radon, wato dalma Pb-214 mai haske a ƙarfin 352 keV da bismut Bi-214 a 609 keV, sai a ɗauka aktibitinsu daidai yake da na radiyom. Radon iska ce. In ta sami kafa ta fice, zuriyarta ta ragu, lissafin radiyom ya faɗi ƙasa ba tare da radiyom ɗin ya je ko'ina ba. Hanyar ganewa ita ce a sake rufe robar gam, a auna, a jira mako guda a sake aunawa. In lambar tana hawa, ba a kai daidaito ba tun farko.

Amma yawan ƙwayoyi ba ya zama ɗaya, ko kusa. Aktibiti ne ke zama ɗaya. A nan N shi ne yawan ƙwayoyi, λ saurin rushewa, 1 uwa, 2 kuma 'ya:

```
λ1 × N1 = λ2 × N2
```

Mai saurin rushewa ƙwayoyi kaɗan sun ishe shi ya kamo uwar. Raba shekara 1600 da kwana 3.8 ki gani: kowace ƙwayar radon ɗaya tana da ƙwayoyin radiyom kimanin 150,000 a gefenta. Malam, wannan ka rubuta shi da manyan baƙi a takardarka, domin kalmar "daidaito" ita kaɗai za ta kai yara inda ta kai wannan ɗalibar.

Ɗan'uwan Ƙofar Ƙaura:
To ai shi ke nan, a ce sun yi kunnen doki. Kowane Bahaushe ya san wannan.

Ma'aikaciyar asibiti, 'yar Daura:
Yaya, kunnen doki ya dace da radiyom da radon. Bai dace da na biyun ba, kuma na biyun shi na yi aiki da shi lokacin da nake koyon aiki a sashen hoton nukiliya. Ana kawo mana janaretar teknishiyom. A cikinta akwai sinadarin molibdinom, wato Mo-99, uwar ke nan, rabin ranta awa 66. Tana haifar teknishiyom ɗin, wato Tc-99m, mai rabin rai awa 6, shi ake yi wa mara lafiya allurarsa a ɗauki hoton ƙashi ko zuciya. Kowace safiya sai a tura ruwan gishiri ta cikin janaretar, ya wanko teknishiyom ya bar uwar a maƙale. Tatsa muke ce masa.

Abin da ya sa "wucin gadi" bai yi mini ba: teknishiyom da muka tatso a kwalba, bayan awa 6 ya koma rabi. Amma wanda aka bari a cikin janareta tare da uwar, in aka yi kwana biyu ba a taɓa shi ba, raguwarsa ta koma bin ta uwar, sai bayan awa 66 yake komawa rabi. Kuma haka zai ci gaba har uwar ta ƙare. Abin wucin gadi shi ne wanda ake riƙewa kafin na gaskiya ya zo. Wannan ba abin da yake jira.

Malamin fiziks:
Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Baba, ko za a yi mana lissafin da lambobi, mu ga yadda 'yar ke hawa?

Baba:
Bismillah. Lissafin Bateman ne na 1910. A ce an tatse janareta tas da ƙarfe bakwai na safe, uwar tana da aktibiti 10 GBq, 'yar sifili. A1(0) shi ne aktibitin uwa a farko, A2 na 'ya, t kuma awannin da suka wuce.

```
A2 = 0.87 × λ2/(λ2 − λ1) × A1(0) × (e^(−λ1t) − e^(−λ2t))
λ1 = 0.693/66 = 0.0105     λ2 = 0.693/6 = 0.1155
```

Wannan 0.87 ya shigo ne don ba duk rushewar Mo-99 ke ba da Tc-99m ba, kimanin kashi 87 cikin ɗari ne, sauran suna wucewa kai tsaye zuwa Tc-99. Kashin tsakiya kuwa 0.1155 a raba da 0.105, ya ba da 1.1. In ka haɗa 0.87 da 1.1 da 10 ka sami 9.57, shi za ka riƙa ninkawa da abin da ke cikin baka.

Da ƙarfe ɗaya na rana, awa 6 ke nan, uwar ta sauko 9.39. Cikin baka akwai 0.939 a cire 0.5, saura 0.439, 'yar ta kai 4.2 GBq. Wato wanda ya matsu zai iya sake tatsa da azahar ya sami abin aiki. Washegari da bakwai na safe uwar tana 7.77, cikin baka 0.777 a cire 0.0625, 'yar tana 6.84 GBq. Ƙololuwarta tana wajen awa 23, abin da ya sa tatsar kowace safiya ta dace ke nan. In aka bar ta awa 48, uwar 6.04, 'yar 5.74. Ka ga ta fara sauka. Daga nan 'yar za ta zauna kusan kashi 96 cikin ɗari na uwar, su yi ta gangarowa tare.

Ɗaliba:
Baba, wannan 1.1 ya ɗaure mini kai. Da babu 0.87 ɗin, ke nan 'ya za ta fi uwar da ta haife ta aktibiti? Ta yaya?

Baba:
Ƙwarai za ta fi ta, da kashi 10 cikin ɗari. Ƙwayoyin 'yar da ke rushewa yanzu ba yanzu aka haife su ba. An haife su awanni da suka wuce, lokacin da uwar ta fi yanzu ƙarfi. Kamar hasken rana ne da zafin ɗaki: rana ta riga ta karkata, amma bango yana fitar da zafin azahar. 'Yar kullum tana bayan uwar da 'yan awanni, kuma a kan gangara wanda ke baya shi ne a sama. A wajen radiyom babu gangarar da za a gani, shi ya sa lambar ta koma 1 cif. In kina son gajeriyar hanya, raba rabin ran uwa da bambancin rabin ran biyu: 66 a raba da 60. Gwada da shekara 1600 da kwana 3.8 ki ga abin da zai fito.

A kiyaye abu ɗaya: in 'yar ce ta fi uwar tsawon rabin rai, babu daidaito kowane iri. Uwar za ta ƙare, 'yar ta ci gaba da rushewa da nata saurin.

Malamin fiziks:
To ga abin da na tsinta daga bakinku. Na farko "tsayayyen daidaito", tunda aktibitin biyu sun zama ɗaya kuma ba sa motsi. Na biyu "daidaiton gangara", tunda rabon da ke tsakaninsu ne ya tsaya, su kuwa suna sauka tare.

Ma'aikaciyar asibiti:
Tsayayye ya yi. Na biyun ni "daidaiton rakiya" ya fi mini, Malam. Gangara ta nuna sauka kawai, rakiya ta nuna wa ke bin wa. Saurin uwar ne ke jan 'yar, kuma wannan shi mai tatsa yake buƙatar ya riƙe in yana lissafin abin da zai samu ranar Alhamis daga janaretar da aka kawo Litinin.

Baba:
Rakiya tana da daɗin faɗa, Hajiya, sai dai a tsayayyen ma ai rakiyar ake yi, radon bai rabu da radiyom ba. Abin da ya raba su biyu shi ne ko mai awo yana ganin uwar tana raguwa a tsawon aikinsa ko ba ya gani. Ni ina bayan gangara. Tsayayyen ma ina da ɗan ja a kansa, domin radiyom yana raguwa, idonmu ne bai kai ba. Yaro mai kaifin kai zai tambaye ka wannan, Malam.

Malamin fiziks:
Zai tambaya kam. Zan sa "tsayayyen daidaito" tare da bayanin da Baba ya yi. Na biyun zan ba aji ɗaya "gangara", ɗayan "rakiya", in ba su lissafin janaretar nan ta 10 GBq, in ce su faɗi nawa 'yar za ta zama a awa 72 in ba a tatsa ba. Hajiya, ki taimaka mini da yadda kuke cire abin da ke saura a janareta bayan tatsa, tunda na ji ruwan gishirin ba ya wanko shi duka.