Bashin da ke komawa hannun jari: shawarar da aka bai wa mai sabon kamfani a Katsina

Masana shari'ar kasuwanci sun shawarci mai kamfanin da ke neman naira miliyan 10 cewa in ya sayar da hannun jari, dole a tsayar da darajar kamfanin yau, a sanar da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC bisa dokar kamfanoni ta 2020, mai kuɗin ya sami ƙuri'a.

Takardar bashin da ke komawa hannun jari daga baya kuwa tana ɗage wannan cinikin darajar kamfanin. Mai kuɗin mabiyin bashi ne, ba shi da ƙuri'a, amma da rangwamen kashi 20 cikin 100 zai karɓi hannun jarin naira 100 a kan 80 idan manyan masu zuba jari sun shigo. Masanan sun fi jan kunne kan wa'adin biyan bashin, domin in ya cika babu sabon jari, mai kuɗin yana iya neman kuɗinsa. A Katsina kuma, kuɗin ruwan da ake ɗora wa takardar haramtacciyar riba ce a ganin mutane da yawa.