Sanarwar sababbin littattafan yara, in sa farashi ko in bari?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shagon littattafai a nan Zariya, shekaranjiya kaya suka iso, labaran yara ne masu hotuna, na Hausa da na Turanci. Ga abin da na rubuta zan ɗora a sitatus: "Iyaye albishirinku! Sababbin littattafan tatsuniya da labarai sun iso, masu hotuna kala-kala. Ku zo da yaran su zaɓa da kansu, dubawa kyauta ce." To in sa farashi ne ko in bari sai mutum ya zo? Kuma in ɗora yanzu ko in jira ƙarshen wata?

Abban Khairat: Goro fari! Allah ya sa albarka Hajiya. Ki buɗe shafi a Facebook kawai ki dinga talla.

Anti Balki: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Rubutun ya yi daɗi amma ba ki faɗi na 'yan shekara nawa ba ne, kuma shi uwa take fara tambaya, na daɗe ina sayar wa 'yan nazire da firamare na sani. Ki raba su biyu, na ƙanana da ake karanta musu, hoto babba rubutu layi ɗaya ko biyu, sai na waɗanda suka fara haɗa baƙi da kansu. Farashi ki sa mafi ƙanƙanta ki ce "daga naira kaza", in babu kuɗi a jiki mutane ɗauka suke abin na masu hali ne, kunyar tambaya ma suke ji. Hoton bango kaɗai ba ya sayar da littafin yara, ki ɗauki bidiyo kina buɗe ciki. Ki jira albashi, amma ban da makon komawa makaranta.

Ummu Sadik: Hmm ni dai an taɓa ni. Haka na ga wata sanarwa mai daɗin baki na tura dubu tara aka aiko min guda shida a mota, wallahi da na buɗe takardar kamar ta ƙosai, kana hango rubutun bayan shafi ta gaba, kalar rigar yaron da ke hoton ta fita daga layi ta hau fuskarsa, kwana biyu gam ɗin ya saki shafuka suka bi gida. Na kira mai shagon ya ce wai yarana ne ba su da natsuwa! Ɗaya ma daga shafi na 8 sai na 13, Sadik yana ta kuka wai ina kurar ta tafi.

Ɗan Gidan Liman: Kurar ta tafi neman shafukan ne 😂

Abban Khairat: Dubu tara guda shida? An yi miki tsada, ni ɗari bakwai-bakwai na saya a Sabon Garin Kano.

Anti Balki: Yaushe rabonka da kasuwa Malam? Ɗari bakwai sai dai kwafi. Abin da Ummu Sadik ta faɗa ai alamun satar bugu ne. Ƙaramin littafi mai shafi 16 ko 24 gara wanda aka ɗinke tsakiyarsa da waya a kan mai gam, ka buɗe tsakiya ka ɗan ja ka gani.

Abban Khairat: Anti ai ke 'yar kasuwa ce dole ki kare tsada. Mu masu biya ya kamata a saurara.

Malam Sanusi: Ni malamin Hausa ne, cire "tatsuniya" za ki yi in dai fassarar labaran Turawa ne. Uba ya zo yana neman Gizo da Ƙoƙi ya tarar da dusar ƙanƙara, ai ba zai dawo ba. Kuma ki duba ko sun sa ƙugiya a haruffa, na ga wanda ya rubuta "kofa" da "daki", yaron da ke koyon karatu ya zai yi?

Maman Hanif: Malam uku ne kawai na Gizo, sauran fassara ce. Ummu Sadik ki yi haƙuri, nawa masu waya ne, daga 1,500 suke. To in rubuta hakan?

Ummu Sadik: 1,500 ɗin dai aka sayar min nawa. Kuma wa ya bar mana kuɗin labari ma, makarantar su Sadik dole a wajensu za ka sayi littattafai, a ciki ake rubuta aikin gida, ƙaninsa ba zai gada ba, bana ma canja mawallafi suka yi gaba ɗaya.

Abban Khairat: Tamu har littafin rubutu sai mai tambarinsu. Na yi magana a taron iyaye aka ce in ban iya ba in canja makaranta.

Ɗan Gidan Liman: Hajiya ki buga tambarin makaranta a jikin Gizo kawai, gobe kaya sun ƙare.

Malam Sanusi: Ku daina haɗawa da malamai don Allah, mu ko sisi ba ma gani a cinikin nan, ku tambayi masu makarantun.