Tambayar biza tun kiran farko: garaje ne ko tsare kai?

Rukayya, Jega: Jama'a ku raba mu gardama. Na nemi aikin jinya a wani asibiti a Ingila, mai ɗaukar ma'aikatansu za ta kira ni ran Talata. Yayana ya ce kada in kuskura in tayar da zancen biza sai sun ce sun ɗauke ni, wai zan zama kamar fita kawai nake nema. Haka ne?

Malam Bashar, Argungu: Yayanki ya yi gaskiya. Ba a zuwa neman aure a fara da tambayar gado. Ki bari su ga kin iya aiki tukuna, in sun so ki, su da kansu za su kawo maganar.

Maman Sadik, Yawuri: Malam, shawarar nan na bi bara. Na yi intabiyu ta bidiyo, sun yaba, na tura takardu, har na fara gaya wa miji ya shirya. Sai a ƙarshe matar ta ce gurbin na wanda ya riga ya sami izinin aiki a ƙasar ne. Ba ta yaudare ni ba, ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Anti Hauwa, Birnin Kebbi: Rukayya ƙanwata, tambayoyi biyu kuke haɗawa. Ta farko ita ce ko asibitin zai ɗauki nauyin biza a wannan gurbin ga wanda ke Najeriya yanzu. Wannan ki yi ta ran Talata, da zarar ta gama bayanin aikin. Amsarta e ce ko a'a, kuma iyawarki ba ta canza ta. Bizar ma'aikatan lafiya ba ta fitowa sai da CoS, shaidar ɗaukar nauyi da mai aiki ke bayarwa, shi kuma ba ya iya bayarwa sai yana da lasisi daga gwamnatin Birtaniya. In ba shi da lasisin, ko kin fi kowa ba abin da zai yi miki.

Kafin kiran ma, ki shiga GOV.UK, shafin gwamnatin Birtaniya, ki nemo jerin masu lasisin, wato `Register of licensed sponsors: workers`, ki duba sunan asibitin. In ba ki gan shi ba kada ki yanke hukunci, wani lokaci sunan da ke jikin talla daban ne da na rajista, sai ki ce ta ba ki cikakken sunan da ke kan lasisin. In kuma kin gan shi, ba shi ke nan ba. Asibiti na iya riƙe lasisi amma bai ware CoS wa wannan gurbin ba. Ina jin abin da ya sami Maman Sadik ke nan.

Malam Bashar, Argungu: To Hajiya, kuɗin jirgi da masauki fa? Shi ma ta tambaya tun ba a san ta ba?

Anti Hauwa, Birnin Kebbi: A nan ina tare da kai, Malam. Ita ce tambaya ta biyu, ta jira sai sun yi mata tayin aiki, amma kafin ta sa hannu. OSCE, jarrabawar gwada aikin jinya a aikace, a can ake yin ta bayan an sauka, ba kamar CBT ba, jarrabawar kwamfuta da ake iya yi tun daga nan. Sai ta ji wa zai biya, in ta faɗi a karon farko wa zai biya na biyu, wata nawa za su ba ta masauki, kuma wane albashi za ta karɓa kafin rajistarta da NMC, hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, ta fito. Abin da ya fi damuna shi ne sharaɗin mayar da kuɗi. Wasu kwantiragin suna cewa in ka bar aiki kafin wa'adi za ka biya abin da aka kashe maka. Ta ga adadin a rubuce, ta ga ko yana raguwa da shekaru.

Nasiru, Zuru: Ni dai wani ejan ya ce in kawo kuɗi ya samo min CoS na aikin kula da tsofaffi. Shi ba ya ɓoye maganar biza, da ita ma ya fara.

Anti Hauwa, Birnin Kebbi: Nasiru, don Allah riƙe kuɗinka. Mai aiki ne ke biyan kuɗin CoS, ba a sayar wa ma'aikaci. Kuma tun 22 ga Yuli 2025 Birtaniya ta rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje. Ban da haka, Najeriya tana cikin ƙasashen da aka hana ejan-ejan zuwa farautar ma'aikatan lafiya. Abin da aka yarda shi ne mutum ya nemi aikin da kansa wurin mai aikin, kamar yadda Rukayya ta yi.

Malam Bashar, Argungu: Na ji, amma ban sauka gaba ɗaya ba. In asibitin na da lasisi kuma suna ta neman nas, wadda ta burge su ba za su nemo mata CoS ba ko da ba su yi niyya ba?

Maman Sadik, Yawuri: Ni na burge su, Malam.

Anti Hauwa, Birnin Kebbi: Yana iya faruwa, ban ce ba ya faruwa ba. Sai dai ba zan ce wa Rukayya ta jingina da shi ba.

Rukayya, Jega: Na gode Anti, yanzu na duba, sunansu na ciki. In ta ce "sai mun gani" fa, in ci gaba da intabiyun ko in dakata?