Jan layi ya cika min kundi, kuma Word na yanka kalmomi ba daidai ba

Hauwa'u: Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digiri da Hausa a Word, shafi 74, amma kusan kowace kalma da jan layi a ƙarƙashinta, har idona na ciwo. Tsakure da wasu maganganun da na ɗauko na Turanci ne, su ina so a ci gaba da duba min. Sannan a ƙarshen layi na ga an raba hatsi ya koma hat- da si. Don Allah ya zan yi?

Nasiru: Wa alaikumus salam. Ki shiga File, Options, Proofing, ki sa alama a Hide spelling errors in this document only. Nan take zai ɓace.

Malam Kabiru: Nasiru, wannan ɓoye jan kawai yake yi, har da na Turancin da take so a duba mata, kuma bai taɓa yankan kalma ba. Malama Hauwa'u, ciwon guda ɗaya ne. Word yana liƙa wa kowane yanki na rubutu sunan harshe, naki kuwa an liƙa masa Turanci, shi ya sa yake auna Hausarki da ƙamusun Turanci, yake kuma yanka ta da ƙa'idar Turanci. Ki ɗora alamar rubutu a kan wata kalma ki duba ƙasan allo, za ki ga English a rubuce.

Ki danna Ctrl+A, ki je Review, Language, Set Proofing Language. Ki zaɓi Hausa, ki cire alamar Detect language automatically, domin ita ce ke mayar da shi Turanci a bayan idonki. Ki lura da gefen sunan Hausa: in akwai ƙaramar alamar ABC, akwai ƙamus a kwamfutarki. In babu, ba abin da zai duba da shi, sai ki sa alama a Do not check spelling or grammar. Daga nan ki koma kan tsakuren da sauran Turancin, ki zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, ki mayar da su English tare da cire alamar Do not check spelling or grammar.

Hauwa'u: Allah ya saka da alheri, Malam. Jikin kundin ya yi fes. Amma bayanan ƙasan shafi na nan da ja, kuma da na fara sabon sakin layi sai jan ya dawo.

Malam Kabiru: Ctrl+A ba ya kai wa ga bayanan ƙasan shafi, ko rubutun saman shafi, ko na cikin akwati. Sai kin danna cikinsu kin sake yi. Sabon sakin layi kuwa, ki danna dama a kan Normal a jerin Styles, sai Modify, Format, Language, ki gyara a can. In ya ƙi ji, to allon rubutunki ne. Dubi kusa da agogo: in ENG ke nan, Word kan bi shi ya sa wa sabon rubutu Turanci. Haka abin da kika kwafo daga wani wuri, da harshensa yake zuwa, sai ki liƙa da Keep Text Only.

Maman Sadik: Ni dai Add to Dictionary nake dannawa, sannu a hankali jan yana raguwa.

Nasiru: Na gwada wannan, Maman Sadik. Ka sa gida, gobe ga gidan, gidansa, gidajensu, kowanne da jansa. Kuma in ka yi kuskure ka shigar da kasa a wurin ƙasa, ba zai sake nuna maka ba.

Isufu daga Maraɗi: Mu nan Faransanci ne ke kan injinmu. Ni ba jan ne ya fi damuna ba, in na buga alamar tambaya sai ya saka fili kafinta, alamar zance kuma ta koma « ». Da na canza harshen kamar yadda Malam ya ce, ya daina.

Malam Kabiru: Madalla, Malam Isufu. Saura yankan kalma. Malama, ki je Layout, Hyphenation, ki zaɓi None. Ni ban yarda a bar wa inji wannan aikin a rubutun Hausa ba, don ts, sh, ky, gw kowannensu sauti guda ne, ba a raba su. Ha-tsi ne daidai, kamar yadda ake furta shi gaɓa-gaɓa, haka ma-ka-ran-ta, haka tsat-tsau-ra. In layi ya yi wawakeken giɓi saboda kin daidaita gefe biyu, ki sa alamar rubutu a inda gaɓar ta ƙare ki danna Ctrl da -. Wannan karan ba ya fitowa sai kalmar ta faɗo ƙarshen layi. Kada ki buga karan da hannu haka kawai, don da kin ƙara jimla ɗaya a sama zai dawo tsakiyar layi ya zauna.

Hauwa'u: Hat-si ya tafi, na gode. Sai dai a kwamfutar mai buga min takardu wani saƙo ya fito a sama, wai Missing proofing tools. Zai shafi bugun?

Nasiru: Ba zai shafa ba, cewa kawai yake ba shi da ƙamusun Hausa. Amma ki kai masa PDF, kada layukan su motsa. Ni abin da har yanzu ban gane ba, wani abokina nasa na da alamar ABC a gefen Hausa, nawa babu, alhali duk Word ne. Malam Kabiru, daga ina ya samo?